Yadda za ka duba izinin manhajoji a wayarka, ka gane wanda bai dace da aikin manhajar ba

Tambayar nan ta yi yawa daga masu karatu, musamman mutanenmu na nan Jos: manhaja ta turo akwati tana neman a danna Allow, yaushe ya kamata a danna, yaushe ya kamata a ƙi? Wasu kuma sun riga sun danna wa komai, yanzu suna son su san abin da suka ba da. Jagorar nan ta wayoyin Android ce, su Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi, domin su ne a hannun mafi yawanmu. Ba ka buƙatar sauke wata manhaja, ba ka buƙatar biyan kowa, yawancin aikin ma ko data ba ya ci. Ka samu kamar rabin awa da ba kowa a kanka, da caji a waya, ka bi matakan a jere.

Ma'auni guda ne za mu yi ta aiki da shi: kowane izini sai ka iya nuna wane aiki ne a cikin manhajar yake buƙatarsa. In ka kira mai gyaran famfo ya ce a nuna masa banɗaki, aikinsa ne. In ya ce a ba shi makullin akwatin uwargida, ko da fara'a ya faɗa, ba ka ba shi.

1. San sigar Android ɗinka

Shiga Settings, ka gangara zuwa About phone, ko My phone a wasu wayoyin Tecno da Infinix, ka duba Android version. Lambar ce za ta gaya maka abin da za ka tarar. Daga Android 6 ne manhaja ta fara neman izini ɗaya bayan ɗaya lokacin da ake amfani da ita. Android 11 ya kawo zaɓin Only this time. Android 12 ya kawo ɗan ɗigon kore da Privacy dashboard da za mu zo kansu.

Gargaɗi: sunayen wurare suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ba ka ga abin da na ambata ba, yi amfani da gurbin bincike da ke saman Settings, ka rubuta sunan yadda yake a nan.

2. Fara da Permission manager, ba da manhaja ɗaya ɗaya ba

Mutane da yawa suna buɗe manhajoji bi da bi, su gaji kafin su kai na goma. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga Settings, sai Privacy ko Security and privacy, sai Permission manager. A nan wayar ta jera izinin ne da kansu, a ƙarƙashin kowanne kuma akwai manhajojin da ka ba su shi.

Ka bi su da wannan tsari, daga mafi haɗari: SMS, Call logs, Contacts, Phone, sannan Microphone, Camera, Location, sai Files and media ko Photos and videos. Na sa SMS a gaba ne saboda ta nan alat ɗin banki yake shigowa, ta nan kuma lambar OTP take zuwa. Manhajar da ke karanta saƙonninka ta san abin da ya shiga asusunka da abin da ya rage, tana kuma iya ganin lambar da banki ya turo don tabbatar da fitar kuɗi. A jerin SMS, abin da ya kamata ka gani shi ne manhajar saƙonni ta wayar, da manhajar kira, da wasu na Google ko na kamfanin wayar. Wasan ƙwallo, manhajar gyaran hoto, mai sauke bidiyo, allon rubutu mai ado, babu ɗayansu da ke da hurumi a wurin. Tun 2019 Google ya taƙaita izinin SMS da Call logs a Play Store ga manhajojin da aikinsu ke nan da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe, saboda haka baƙuwar manhaja a wannan jeri galibi ba daga Play Store ta zo ba.

Gargaɗi: kada ka taɓa manhajojin da suka zo da wayar irin su Phone da Messages da Contacts da Google Play services. In ka cire wa manhajar kira izinin Contacts, sunaye za su daina fitowa in an kira ka. In wayar ta nuna maka saƙon cewa hana wannan izini zai iya dagula aikinta, danna Cancel ka bar shi.

3. Auna kowane izini da aikin manhajar

A nan ne ake buƙatar natsuwa, domin ba duk buƙatar da ta zo baƙuwa ce ke da mugun nufi ba, ba kuma duk wadda ta zo da hujja ce ta zama dole ba.

WhatsApp yana neman Microphone don saƙon murya da kira, Camera don hoto da kiran bidiyo, Contacts don ya nuna maka sunayen mutane. Kowanne kana iya ɗora yatsa a kan maɓallin da ke amfani da shi. Manhajar lokutan sallah tana neman Location domin lokacin magariba a Jos ba ɗaya ba ne da na Sakkwato ko Maiduguri, wannan hujja ce mai kyau. Amma ba ta buƙatar sanin ƙofar gidanka a Anguwan Rogo. Daga Android 12 kana iya kashe Use precise location, ta samu yankin kawai, kuma da yawa daga irin waɗannan manhajoji suna bari ka zaɓi gari da hannunka ba tare da izinin ba. In irin wannan manhaja ta nemi Contacts ko Microphone, to ta fita daga aikinta.

Akwai wanda yake ruɗa mutane. Xender da makamantansa masu tura fayil sukan nemi Location, mutum ya ce me ya haɗa tura waƙa da inda nake? Dalilin daga Android ne: a tsofaffin sigogi, manhaja ba ta iya neman Wi-Fi ko Bluetooth na kusa sai da izinin Location, saboda ana iya gane inda mutum yake daga na'urorin da ke kewaye da shi. Sababbin sigogi sun ware izini na daban mai suna Nearby devices. Don haka buƙatar tana da tushe, sai dai ka ba da ita a matsayin While using the app, ba Allow all the time ba.

Manhajar banki kuma tana neman Camera don ɗaukar hoton fuskarka lokacin tantancewa, wata tana neman Phone don ta ɗaure asusun da wayarka. Contacts kuwa yawanci don ka zaɓi lambar wanda za ka saya wa kati ne. In ka hana, abin da ka rasa shi ne sai ka rubuta lambar da hannu. Ni a ganina wannan ƙaramar wahala ce idan aka kwatanta da miƙa lambobin mutane ɗari da ɗoriya waɗanda ba su san an ba da su ba. Lambobin da ke wayarka amanar masu su ce.

Tocila da kalkuleta da masu cewa suna wanke waya ko sanyaya batir ba sai an tsaya dogon nazari ba. Wayarka ta zo da tocila da kalkuleta nata, ka goge na wajen.

4. Hana, sannan ka gwada

In ka yi shakka, danna sunan manhajar ka zaɓi Don't allow ko Deny, sannan ka buɗe ta ka yi aikin da ka saba yi. Babu abin da zai lalace. Manhajar kirki za ta ci gaba da aiki, sai ka taɓa maɓallin da ke buƙatar izinin sannan ta sake tambaya, a lokacin kuma ka ga dalilin da idonka. Wadda ta tsaya cik a shafin farko ta ce ba za ta buɗe ba sai ka ba ta Contacts da SMS, alhali aikinta bai shafe su ba, ta nuna maka abin da ya kawo ta.

Ga Camera da Microphone da Location, zaɓi Ask every time ga manhajar da ba kullum kake buɗewa ba. Allow all the time na Location kuwa manhajoji kaɗan ne suka cancance shi, kamar wadda direba ko mai kai saƙo yake aiki da ita. A sababbin wayoyi, in manhaja ta nemi hotuna, duba ko akwai zaɓin Select photos ko Allow limited access, ka ba ta hoton da ake buƙata kaɗai. Ka tuna abin da ke cikin ma'ajiyar hotunan yawancinmu: takardar NIN, rasit ɗin tura kuɗi, wani ma har hoton katin ATM gaba da baya.

Gargaɗi: daga Android 11, in ka hana izini sau biyu, wayar tana daina nuna akwatin tambayar. In daga baya makirfo ya ƙi aiki a wata manhaja, ba wayar ce ta lalace ba, kada ka kai ta kasuwar Terminus gyara. Danne alamar manhajar, shiga App info, sai Permissions, ka mayar da izinin.

5. Izinin da ba ya cikin jerin

Wanda ya tsaya a mataki na huɗu ya bar mafi haɗari a baya. Akwai izini da ba sa fitowa a Permission manager ko kaɗan, kuma su ne manhajojin satar kuɗi suka fi nema. Shiga Settings, sai Apps, sai Special app access. A Samsung, ɗigo uku za ka danna a saman Apps ka zaɓi Special access.

Duba Display over other apps, wanda Samsung ke kira Appear on top. Mai wannan izini yana iya shimfiɗa shafinsa a kan wata manhaja. Messenger yana amfani da shi don kumfar hira, manhajar gano mai kira tana amfani da shi don nuna suna. Muguwar manhaja kuwa tana jira ka buɗe bankinka ta ɗora shafin bogi mai kama da na bankin, ka rubuta lambar sirrinka a ciki.

Sai Notification access, wanda a wasu wayoyi aka rubuta Device & app notifications. Wannan ba izinin turo maka sanarwa ba ne, izinin karanta sanarwar sauran manhajoji ne. Ma'ana ko ka hana SMS, in OTP ya bayyana a saman allo, a wayoyi da yawa mai wannan izini yana iya ganinsa, haka ma saƙon WhatsApp da ya leƙo. Manhajar agogon hannu da ka haɗa da wayarka tana da hujja. Sauran ka kashe.

A Install unknown apps, ka kashe wa WhatsApp da Chrome da Xender da mai sarrafa fayil, ka riƙa kunnawa sai lokacin da kai da kanka ka yi niyyar saka wani abu. A Device admin apps, za ka ga hidimar Google ta neman wayar da ta ɓace, wannan ka bar ta. In wayar biya kaɗan-kaɗan ka saya, za ka iya ganin manhajar kamfanin da ya ba ka bashin, tana cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Duk wani suna bayan waɗannan abin tuhuma ne.

Na ƙarshe, koma Settings ka shiga Accessibility, ka buɗe Downloaded apps ko Installed apps. An yi wannan sashe ne don masu lalurar gani da makamantansu, TalkBack misali yana karanta wa makaho abin da ke kan allo. Don ya yi hakan, dole ya ga duk abin da ke allon, ya kuma iya danna maɓalli a madadin mai wayar. Manhajar da ta samu wannan izini tana iya karanta abin da kake rubutawa, ta danna wa kanta Allow a sauran izini, ta rufe Settings duk lokacin da ka yi yunƙurin goge ta. Manhajar bashi, ko ta kallon ƙwallo kyauta, ko ta rajistar wani tallafi da aka yaɗa a zauren WhatsApp, babu wadda ke da dalilin zama a nan.

Gargaɗi: daga Android 13, in manhajar da aka saka daga fayil ta nemi wannan izini, wayar tana tarewa da saƙon Restricted setting. In manhajar ta fara koya maka yadda za ka je App info ka danna Allow restricted settings, tsaya nan. Tana koya maka cire katangar da aka gina dominta ne.

6. Misali: manhajar bashi da ta zo ta WhatsApp

Kawuna yana sayar da tumatir a kasuwar Farin Gada. Wani abokin sana'arsa ya turo masa fayil ɗin APK na wata manhajar bashi, wato fayil ɗin da ake saka manhaja da shi ba ta Play Store ba, ya ce cikin minti kaɗan kuɗi suke shiga. Ya saka ta, ta fara jero tambayoyi, sai ya kawo mini wayar kafin ya ci gaba. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, ta ce in ban yarda ba ba za ta buɗe ba."

Muka danne alamarta, App info, Permissions. Abin da take nema guda shida ne: Camera, Location, Contacts, SMS, Call logs, da Files and media. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Camera tana da hujja, mai ba da bashi yana son hoton fuskarka da na katin shaida. Location ma ana iya kāre shi in na yanki ne. SMS, hujjar da suke kawowa ita ce suna duba alat don su san ƙarfin samunka, amma izinin ba ya tsayawa a kan alat, duk saƙonnin wayar yake buɗewa. Contacts da Call logs kuwa ba su da alaƙa da ba ka kuɗi. Amfaninsu yana zuwa ne ranar da ka makara biya: jerin lambobi ya nuna su waye mutanenka, tarihin kira ya nuna su waye mafi kusa da kai, sai a fara tura wa surukai da limamin unguwa da abokan ciniki saƙon cewa kai macuci ne. Files and media shi ke ba su hoton da za su liƙa a saƙon.

Na ce, "Kawu, bari mu hana ta huɗun nan mu gani." Muka bar Camera da Location a Ask every time, muka hana sauran. Manhajar ta ƙi wuce shafin farko, ta yi ta maimaita buƙatar Contacts. Hujja ta biyu kuma ita ce inda ta fito. Tun 31 ga Mayu 2023 dokar Google ta hana manhajojin bashi da ke Play Store neman lambobin waya da hotuna da bidiyo da takamaiman wurin da mutum yake. Manhajar bashi da har yanzu take neman Contacts, kuma fayil ɗinta yake yawo hannu da hannu, ta kauce wa wannan doka ne. Muka goge ta kafin ya saka BVN ko lambar asusu. Na nuna masa cewa hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ke da hedikwata a Abuja, tana wallafa jerin kamfanonin bashi na intanet da ta amince da su a shafinta, in bashin ya zama dole can ake fara dubawa.

7. Kafin ka saka sabuwar manhaja

A Play Store, danna About this app ka gangara ƙasa zuwa App permissions, za ka ga abin da za ta iya nema tun kafin ka kashe data wajen sauke ta. Sashen Data safety ma yana da amfani, amma mai manhajar ne yake cika shi da kansa, don haka jerin izinin ya fi shi nauyi. In ka sayi waya a Ahmadu Bello Way ko Terminus aka ce za a zuba maka manhajoji, gara ka ce a bari ka sauke da kanka. In an riga an zuba, ka fara daga mataki na biyu a ranar.

8. Ka ga wanda ya yi amfani da izinin

Daga Android 12, ɗan ɗigon kore yana fitowa a kusurwar sama ta dama duk lokacin da wata manhaja ta kunna kyamara ko makirfo. In ka gan shi alhali ba kira kake ba, ba hoto kake ɗauka ba, jawo allon daga sama ka danna alamar, za ta faɗi sunan manhajar. Privacy dashboard kuma, wanda ke cikin Privacy, yana nuna manhajojin da suka taɓa Location da Camera da Microphone cikin awa 24 da suka wuce, da lokacin da suka yi. Manhajar gyaran hoto da ta duba inda kake da ƙarfe uku na dare kana barci ba ta da abin cewa.

9. In ka riga ka ba da izinin

Cire izini yana hana abin da ke gaba ne kawai. Lambobin da manhaja ta riga ta kwasa zuwa na'urorin kamfaninta ba sa dawowa don ka danna Don't allow, goge manhajar kuma ba ya goge bashin da ka ci. Duk da haka tsarin da za ka bi yana da muhimmanci.

Fara da kashe data da Wi-Fi. Ɗauki hoton allo na shafin Permissions na manhajar da duk saƙon barazana da aka turo maka ko aka tura wa mutanenka, domin su ne shaidarka. Daga nan kashe ta a Accessibility da Device admin apps, sannan ka goge ta. In maɓallin Uninstall ya dushe ya ƙi dannuwa, yawanci Device admin ne bai kashu ba. In Settings yana rufe kansa da zarar ka kusanci manhajar, tayar da wayar a Safe mode, inda manhajojin da aka sauke ba sa aiki. A wayoyi da yawa ana danne maɓallin kunnawa ne, sannan a danne Power off da ke kan allo har zaɓin ya fito. Bayan ka goge ta, kunna data, buɗe Play Store, danna hotonka a sama, ka shiga Play Protect ka danna Scan.

Gargaɗi: in manhajar ta taɓa samun SMS, ko Notification access, ko Accessibility, ka ɗauka cewa an ga lambobin sirrinka. Canja na banki da na Gmail, amma daga wata waya mai tsabta ko bayan ka gama gogewa, ba kafin nan ba, in ba haka ba sabuwar lambar ma za a gani. Kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka su duba ko an yi wata hada-hada da ba kai ka yi ba. In wayar ta ci gaba da abin da ba ka sa ta ba, adana hotuna da lambobinka ka yi Factory reset, ka tabbata ka san kalmar sirrin Gmail ɗinka tukuna, domin wayar za ta nema kafin ta buɗe.

In an fara tura wa mutanenka saƙo, riga su: ka sanar da iyali da abokan ciniki cewa wata manhaja ta kwashi lambobinka, kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Sai ka kai ƙorafi ga FCCPC, da kuma NDPC, hukumar kare bayanan jama'a da dokar 2023 ta kafa, ta hanyoyin da suka wallafa a shafukansu. Ka haɗa da sunan manhajar yadda yake a allo, da lambobin da suka kira ko suka turo saƙo, da lambar asusun da aka ce ka biya a ciki, da hotunan allon da ka ɗauka.